Kwanakin da Ciniki Ya Fi Albarka: Dabarar Kadane ta Duba Jeri Sau Ɗaya

A ce wani ɗan kasuwa ya rubuta ribarsa da asararsa ta kwana goma a jere, kowace lamba tana nufin dubban naira, wadda ke da alamar ɗebewa kuma asara ce: 3, -5, 4, -1, 6, -2, -8, 5, 2, -1. Sai ya tambaya: daga wace rana zuwa wace rana, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, jimillar ta fi yawa? Da babu asara, ai sai a haɗa duka a huta. Ranakun asara su ne ƙashin bayan matsalar, domin sharaɗin shi ne kwanakin su kasance manne da juna.

Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a gwada kowane mafari da kowane ƙarshe. A jeri mai lamba goma, yankuna 55 ne za a duba. Mai lamba dubu kuwa, 500,500. Idan lambobin suka kai miliyan ɗaya, yankunan sun kai kimanin biliyan 500, kwamfuta ma sai ta ji a jikinta.

Wannan tambaya ta taso ne a 1977 daga Ulf Grenander na Jami'ar Brown a Amurka, wanda ke nazarin hotunan da aka mayar lambobi. Michael Shamos ya rage aikin ta hanyar raba jerin gida biyu, kowane gida a sake raba shi. Da aka kawo maganar a wani zaman ilimi a Jami'ar Carnegie Mellon, Jay Kadane, masanin ƙididdiga, ya fito da hanyar da ke bin jerin sau ɗaya tak. Jon Bentley ne ya yaɗa labarin a rubutunsa na 1984.

Lamba biyu kawai mutum zai riƙe a kai. Ta farko ita ce jimilla mafi kyau ta yankin da ya ƙare a ranar da ake tsaye a kanta. Mu ce mata "ta yanzu". Ta biyu ita ce mafi girman da aka taɓa gani tun farko. Mu ce mata "zakara". A kowace rana tambaya ɗaya ce: in haɗa da abin da na taho da shi, ko in fara sabo daga yau? Idan abin da aka taho da shi ya faɗi ƙasa da sifiri, to bashi ne, duk abin da aka ɗora masa sai ya rage shi, don haka a yar da shi. Idan kuwa yana sama da sifiri, ko da naira ɗaya ne, a tafi da shi.

Mu bi littafin ɗan kasuwar. Ranar farko 3 ce, ita ce kuma zakara. Ta biyu ta mayar da ta yanzu -2. A rana ta uku, haɗawa zai ba da 2, farawa sabo kuma 4, sai a fara sabo, zakara ta koma 4. Rana ta huɗu asara ce, -1, amma ba a yanke ba, domin saura 3 a hannu, kuma wannan ukun ce ta haɗu da 6 ta rana ta biyar aka sami 9. Nan mutane da yawa ke kuskure, suna zaton da an ga asara sai a tsaya. Daga nan ta yanzu ta sauko 7, sannan -1. Rana ta takwas aka sake sabon farawa da 5, ta hau 7, ta ƙare a 6. Babu wadda ta ture 9. Amsa: rana ta uku zuwa ta biyar, naira dubu tara.

Ga yadda ake rubuta shi a Python:

```python
def mafi_girma(jeri):
    yanzu = zakara = jeri[0]
    for x in jeri[1:]:
        yanzu = max(x, yanzu + x)
        zakara = max(zakara, yanzu)
    return zakara
```

Lura da cewa an fara da lambar farko ta jerin, ba da sifiri ba. Wasu kan fara zakara da 0, sai shirin ya yi ta aiki lafiya har ranar da aka ba shi jeri mai asara zalla, kamar -4, -2, -7. Zai ce amsa 0, alhali babu yankin da ya ba da haka. Amsar gaskiya -2 ce. Sifirin yana halatta ne kawai idan an yarda a ce ba a zaɓi ko rana ɗaya ba. A ganina, duk wanda ya rubuta wannan shiri, da irin wannan jeri ya kamata ya fara gwada shi.

Akwai wani tarko kuma ga mai son sanin ranakun, ba jimilla kaɗai ba. Dole ya ajiye mafarin yankin da yake ciki daban, kada ya ɗauke shi a matsayin mafarin amsa sai lokacin da zakara ta canja. In ba haka ba, a misalinmu sabon farawar rana ta takwas zai goge na rana ta uku, shirin ya ba da rahoton cewa ciniki ya fi albarka daga rana ta takwas zuwa ta biyar.