Kuroshe: ya rungumi lamba ko ya ba ta baya?

'Yan'uwa, a jarrabawar lissafin bana da yawanmu mun warware tambaya daidai, sai maki ya zube a layin ƙarshe, wajen rubuta amsa da kuroshe. Ga tambayar: 1 ≤ 2x − 3 < 7.

Mu ƙara 3 a kowane ɓangare: 4 ≤ 2x < 10. Mu raba da 2: 2 ≤ x < 5. Ke nan duk lambar da ke tsakanin 2 da 5 amsa ce, har da 4,9. To, su 2 da 5 ɗin fa?

Mu gwada su a tambayar. In x = 2, za mu samu 1 ≤ 1, gaskiya ne. Don haka 2 tana ciki, kuroshe ya rungume ta. In x = 5, za mu samu 7 < 7, wannan kam ƙarya ne. Don haka 5 tana waje, kuroshe ya ba ta baya. Amsa: S = [2 ; 5[.

A kula: ∞ ba lamba ba ce, kullum baya ake ba ta: x ≥ 2 shi ne [2, +∞[. In kuma littafin Najeriya ya shigo hannunku kuka ga [2, 5), kada ku rikice, amsarmu ce.

Allah ya ba mu sa'a.