Sharpe ko Treynor: Wane Ma'auni Ya Dace da Wanda Ya Rarraba Jarinsa?

Yawan riba kaɗai ba ya nuna asusun zuba jarin da ya fi nagarta. Sai an duba kasadar da aka ɗauka kafin a same ta. Don haka ne Jack Treynor a 1965, da William Sharpe a 1966, suka fito da ma'aunai biyu.

Mafarinsu ɗaya ne. Ana cire ribar da mutum zai samu hankali kwance, kamar ta takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, daga ribar asusun. Abin da ya saura shi ne ladan kasada. Sharpe yana raba wannan lada da dukkan hawa da saukar ribar asusun. Treynor kuwa yana raba shi da beta, lambar da ke nuna yadda asusun ke bin motsin kasuwa baki ɗaya. Idan beta 1 ne, tare suke tafiya da kasuwa.

Mu ƙaddara takardun gwamnati na ba da kashi 5 cikin 100. Asusu na farko ya tattara kuɗinsa a kamfanonin haƙar zinariya: ribarsa kashi 15, hawa da saukarsa kashi 25, betansa 0.8. Na biyu ya bazu a sassa daban-daban: riba 13, hawa da sauka 16, beta 1.

A ma'aunin Sharpe, na farko ya samu 10 ÷ 25 = 0.4, na biyu 8 ÷ 16 = 0.5. A na Treynor sai reshe ya juya da mujiya: 10 ÷ 0.8 = 12.5, na biyu kuma 8 kacal.

Dalili shi ne kasada iri biyu ce. Akwai wadda ta shafi sashe ɗaya, kamar faɗuwar farashin zinariya, wadda ke dishewa idan mutum yana da hannun jari a bankuna, sadarwa da masana'antu. Akwai kuma ta kasuwa gaba ɗaya, wadda rarrabawa ba ta maganinta. Sharpe yana ƙirga duka biyun, Treynor ta biyun kawai.

Saboda haka, wanda ya riga ya rarraba jarinsa, yake son ƙara asusu ɗaya a matsayin ɗan ƙaramin kaso, Treynor ya fi dacewa da shi. Wanda kuwa zai zuba duk abin da ya mallaka a asusu guda, ya riƙe Sharpe, domin kowace girgiza a kansa za ta ƙare.

Sai dai a kula: beta ya dogara da ma'aunin kasuwar da aka kwatanta asusun da shi. Idan asusun ba ya bin wannan ma'auni sosai, betan na iya yin ƙanƙanta, sakamakon Treynor ya kumbura ba gaira ba dalili. Alamar ita ce lambar R² ta yi ƙasa. Kafin ka yarda da lissafin, duba ta, ka kuma tabbatar shekaru iri ɗaya aka auna asusun biyu.