Daƙiƙa 40 Ga Kowace Tambaya: Wasannin Da Ke Shirya Ɗalibi Wa Jarrabawa

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibi yana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40-40 a sauran darussa uku da ya zaɓa. Idan aka raba lokacin, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. A 2024 kuma WAEC ta fara amfani da kwamfuta a jarrabawar masu zana ta da kansu. Shi ya sa iyaye da malamai ke tura yara koyon taifin, yaran kuma sukan fi son hanyar da ta zo da wasa.

Sai dai kafin a zaɓi wasa, ya kamata a san abin da jarrabawar ke nema. A JAMB ba a buga dogon rubutu. Ɗalibi zai iya gama komai da maɓallai 'yan kaɗan: A, B, C da D don zaɓar amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Ribar wasan taifin a nan ita ce hannu ya saba da kibod, ido ya zauna a kan tambaya maimakon yawo neman harafi. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yakan ƙona mintunansa na farko yana lalube, gabansa na faɗuwa. Shi kuwa sifelin, a rubutun insha'i da wasiƙa na WAEC da NECO yake cin mutum, inda ake rage maki kan kuskuren rubutu.

Tushen taifin shi ne layin tsakiya na kibod. Yatsu huɗu na hagu suna hutawa a kan A, S, D, F, na dama a kan J, K, L da maɓallin da ke biye da L, manyan yatsu kuma suna kula da dogon maɓallin tazara. Duk wanda ya shafa F da J zai ji ɗan tudu a kansu. An yi shi ne don manuniya ta gane wurinta ba tare da an duba ba. Wasan da ake kira keybr yana fara ɗalibi da haruffa kaɗan, ba ya ƙara masa sabo sai ya iya na baya. A ZType kalmomi ne ke gangarowa daga sama, ana harbo su ta hanyar buga su daidai. TypeRacer kuwa tseren motoci ne, motar mutum tana gaba gwargwadon saurin hannunsa, kuma ba ta motsi sai ya gyara kuskurensa. Inda data ke wahala, Tux Typing kyauta ne, kuma da zarar an sauke shi ba ya buƙatar intanet.

Wasannin suna auna sauri da WPM, wato adadin kalmomi a minti ɗaya, kuma duk bugu biyar ana ƙirga shi kalma guda. A nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗin kansu. A ɗauka yara biyu sun yi gwajin minti uku. Na farko ya yi bugu 600, wato kalmomi 120, saurinsa 40 ke nan a minti. Amma ya bar kurakurai 24, takwas a kowane minti, kuma bisa lissafin da aka saba ana cire su, sai ya koma 32. Ta biyu ta yi bugu 525, saurinta 35, kurakuranta uku kacal, don haka ta tsaya a 34. Mai gaggawar ya fi ta motsin hannu, ita ta fi shi sakamako. Matsalarsa ma ba ta tsaya a maki ba, domin yatsan da ya maimaita kuskure sau da yawa yakan riƙe shi. Alamar da ake ganewa ita ce harafi ɗaya ya riƙa fitowa ja kullum a ƙarshen gwaji. Idan haka ta faru, sai a rage gudu har kuskuren ya ɓace, sannan a sake hanzartawa.

Saurin taifin ba ya koyar da sifelin da kansa. Kalmomin keybr da yawa ƙirƙirarru ne, an haɗa su don horar da yatsu kawai. Monkeytype kuma yakan fara ne da kalmomi 200 da aka fi yawan amfani da su a Turanci, waɗanda ba su ne ke kayar da ɗan aji shida ba. Dabarar ita ce ɗalibi ya buɗe littafinsa na insha'i, ya kwashe kalmomin da malami ya zagaye da jan biro, irin su accommodation da necessary da receive, ya zuba su a sashen custom na Monkeytype. Mai jin Hausa zai amfana idan ya ƙara kalmomin da ke haɗa p da f, kamar profit da perfect, saboda a bakinmu sautukan biyu sukan cakuɗe, kuma abin da baki ya furta shi hannu ke rubutawa. Bayan an buga su, sai a rufe kwamfuta a rubuta su da biro daga ka, tun da a takarda babu jan layin da zai nuna an kauce.

A fannin wasan kalmomi, Wordle ne ya fi dacewa da mai ƙarancin lokaci. Josh Wardle ya fito da shi ga jama'a a watan Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022. Kalma ɗaya ce a rana, mai haruffa biyar, ana da damar gwaji shida. A ce amsar ranar PIECE ce, ɗalibi ya rubuta PEACE. P da C da E na ƙarshe za su yi kore, alamar suna wurinsu. A zai yi ruwan toka, babu shi ke nan. E na farko zai yi ruwan ɗorawa, yana cikin kalmar amma ba a nan ba. Gurbi na uku kaɗai ya rage masa, don haka dole ɗalibin ya tuno kalmar da ake furtawa daidai da peace amma rubutunta daban. Irin wannan tarkon ne ake ɗana wa ɗalibai a tambayoyin Turanci. Abin lura shi ne Wordle yana bin sifelin Amurka. A Janairun 2022 amsar wata rana ta fito FAVOR, 'yan Birtaniya suka yi ta ƙorafi, kuma makarantun Nijeriya favour suke koyarwa.

Scrabble ba ya buƙatar wuta ko data, kuma Nijeriya ta yi suna a cikinsa: Wellington Jighere ya ci gasar duniya a Perth ta Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Ɗan wasa yana riƙe haruffa bakwai, idan ya zuba su duka a wasa ɗaya ya sami ƙarin maki 50. Neman wannan garaɓasar ke koya wa yaro lura da UN- da RE- da -ING da -ED. Amma gwanayen wasan suna haddace kalmomi irin su QI da ZA don cin maki kawai, ba za su yi wa kowa amfani a insha'i ba. Ga 'yan jarrabawa, sai a ƙara doka guda a gida: duk wanda ya ajiye kalma ya faɗi ma'anarta ya kuma sa ta a jimla, in ya kasa ya kwashe haruffansa, wasa ya wuce ga na gaba.