Rinjayen Bitcoin: Sikelin da Ke Nuna Lokacin da Ƙananan Kuɗaɗen Kirifto Ke Tashi Ko Zubewa

Daga farkon shekarar 2023 zuwa tsakiyar 2025, farashin Bitcoin ya tashi daga kusan dala 16,500 har ya haura dala 100,000. Da yawa daga matasanmu da suka shiga harkar kirifto a wannan tsakanin ba su ga amfanin wannan tashi ba, domin ba Bitcoin suka saya ba. Sun ce ya yi musu tsada, sai suka zuba kuɗinsu a ƙananan kuɗaɗen da 'yan harkar ke kira altkoyin, wato duk wani kuɗin kirifto da ba Bitcoin ba, suna jiran ranar da nasu zai ninka. Wasu har yanzu jiran suke yi. Akwai wani adadi guda da ya bayyana abin da ya same su, shi ne rinjayen Bitcoin, wanda a shafin TradingView ake samun sa da sunan BTC.D.

Lissafinsa ba wuya. Ana ɗaukar farashin Bitcoin ɗaya a ninka da yawan waɗanda ke hannun jama'a, a sami jimillar darajarsa. Haka ake yi wa kowane kuɗin kirifto, a tara duka. Kason da Bitcoin ya ɗauka cikin wannan jimilla shi ne rinjayensa. In darajar kasuwar gaba ɗaya dala biliyan 2,000 ce, Bitcoin kuma yana da biliyan 1,000, rinjayensa kashi 50 cikin ɗari ke nan. Kamar a ce an ƙiyasta kuɗin dukkan hatsin da ke kasuwar Dawanau, sannan a tambayi kashi nawa ne na masara. Kason masara na iya ƙaruwa don masara ta yi tsada, yana kuma iya ƙaruwa don gero da dawa sun faɗi alhali masara tana nan inda take. Wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko: adadin kaso ne kawai, ba ya faɗa maka ko kasuwa tana riba ko tana asara. Abin da yake faɗa shi ne wa ya fi wani ƙarfi tsakanin Bitcoin da sauran.

Sau biyu ƙananan kuɗaɗen suka ci kasuwarsu sosai, kuma a duka biyun rinjayen Bitcoin ya faɗi warwas. A farkon 2017 Bitcoin yana riƙe da fiye da kashi 80 na kasuwar. Kafin Janairun 2018 ya sauko ƙasa da kashi 40, a daidai lokacin da Ethereum ya tashi daga kusan dala 10 zuwa kusan dala 1,400. Haka aka sake gani a 2021: a Janairu rinjayen yana kusan kashi 70, zuwa Mayu ya dawo kusan kashi 40. A lokutan nan biyu Bitcoin ne ya fara tashi. Waɗanda suka ci riba da shi suka fara neman inda za ta fi yawa, suka koma Ethereum, daga nan zuwa matsakaitan kuɗaɗe, a ƙarshe har zuwa waɗanda aka ƙirƙira don raha irin su Dogecoin. Dalilin da ya sa ƙananan ke ninkawa da sauri shi ne ƙanƙantar kasuwarsu. Dala miliyan 50 ba za ta motsa Bitcoin ba, amma in ta shiga kuɗin da 'yan kaɗan ne ke sayar da shi, tana iya ninka farashinsa cikin kwanaki.

Wannan ƙanƙantar ita ce kuma ke kashe su in kasuwa ta juya. Daga Disambar 2017 zuwa Disambar 2018 Bitcoin ya faɗi daga kusan dala 20,000 zuwa kusan dala 3,200, asarar fiye da kashi 80. Ethereum kuwa ya gangaro daga dala 1,400 zuwa ƙasa da dala 100, asarar fiye da kashi 90, ƙananan da yawa ma suka ɓace ɓat. Rinjayen Bitcoin ya yi ta hawa har ya kai kusan kashi 70 a Satumbar 2019. Idan tsoro ya shigo kasuwa, abin da mutum ya fi shakka a kai shi yake fara sayarwa, masu saye kuma su janye, sai farashi ya zube ba mai tare shi. Waɗanda suka ci bashi a dandalin ciniki don su ƙara yawan abin da suka saya, dandalin na sayar da kayansu dole in asara ta kai wani matsayi, wannan sayarwar ta ƙara danna farashin ƙasa.

Daga nan ne mutane suka ɗauko wata ƙa'ida mai sauƙi, cewa da zarar BTC.D ya fara sauka, lokacin altkoyin ya zo. A ganina wannan ƙa'ida ta jawo wa mutane asara fiye da ribar da ta kawo, kuma shekarar 2022 ta isa hujja. A waccan shekara kuɗin Terra ya rushe a watan Mayu, dandalin FTX ya durƙushe a Nuwamba, Bitcoin ya faɗo kusan dala 16,000. Duk da haka rinjayensa ya ƙare shekarar a wajen kashi 40, kamar dai a lokacin da ƙananan kuɗaɗe ke tashe. Wanda ya kalli wannan adadi shi kaɗai zai ɗauka altkoyin suna cikin alheri, alhali yawancinsu sun yi asarar kashi 80 ko 90.

Sirrin yana cikin kuɗaɗen da aka ɗaure da dala, irin su USDT da USDC, waɗanda aka tsara kowane ɗaya ya tsaya a dala ɗaya. Ana lissafa su cikin jimillar kasuwar, ga shi ba sa faɗuwa tare da sauran. Bari mu gwada da lissafi na misali. A ce kasuwa tana da dala biliyan 2,000: Bitcoin 1,000, altkoyin 800, masu ɗaure da dala 200. Rinjayen Bitcoin kashi 50. Sai kasuwa ta karye, Bitcoin ya faɗi da kashi 40 ya koma 600, altkoyin suka faɗi da kashi 45 suka koma 440, masu ɗaure da dala suna nan a 200. Jimilla ta zama 1,240, rinjayen Bitcoin ya sauko zuwa kusan kashi 48. Ga shi rinjaye ya ragu, amma altkoyin ne suka fi shan kashi. In aka cire masu ɗaure da dala daga lissafin, gaskiya za ta fito: kason Bitcoin ya tashi ne daga kusan kashi 56 zuwa kusan kashi 58. Shi ya sa masu lura ke buɗe USDT.D kusa da BTC.D. Idan rinjayen Bitcoin yana sauka, na USDT kuma yana hawa, mutane gudu suke yi daga kasuwar baki ɗaya. Saukar da ke yi wa altkoyin daɗi ita ce wadda ke zuwa a lokacin da farashin Bitcoin yake tsaye ko yana hawa a hankali, kason USDT kuma yana raguwa.

Akwai wata hanyar da rinjaye ke sauka ba tare da kowa ya ci riba ba. Kamfanonin da ke ƙirƙirar kuɗaɗen nan sukan kulle kaso mai yawa na waɗanda suka kafa su da manyan masu zuba jari, a riƙa sakin sa wata-wata. Duk abin da aka saki yana ƙara jimillar darajar kuɗin a takarda, amma a kasuwa ƙarin kaya ne da ake neman mai saye, farashin kuwa sai ya yi ƙasa.

Me ya hana abin da ya faru a 2017 da 2021 maimaituwa a kan lokacin da aka yi tsammani? Babban dalili shi ne hanyar da sabon kuɗi ya shigo. A Janairun 2024 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta amince da asusun ETF na Bitcoin, wanda ya ba manyan kamfanoni irin su BlackRock damar sayar wa masu zuba jari Bitcoin ta kasuwar hannun jari. Wanda ya saya ta wannan ƙofa ba shi da asusu a dandalin kirifto, ribarsa ba ta gangarawa zuwa ƙananan kuɗaɗe kamar yadda ta 'yan kasuwar da take yi. Ga kuma yawan kuɗaɗen da suka cika kasuwa, yanzu ana maganar miliyoyi, don haka ɗan abin da ya gangaro ma rarrabuwa yake yi. Rinjayen Bitcoin ya yi ta hawa daga wajen kashi 40 a ƙarshen 2022 har ya haura kashi 60 a 2025. Wasu kuɗaɗe kamar Solana sun yi tashi mai kyau a wannan tsakanin, amma 'yan tsiraru ne.

Ga mai lissafi da naira akwai ƙarin tarko, domin faɗuwar naira tana rufe asara. Ɗauki wanda ya sayi Ethereum ɗaya a Disambar 2021, lokacin yana wajen dala 4,000, dala kuma tana wajen naira 570 a kasuwar bayan fage. Ya biya kusan naira miliyan 2.3. A Afrilun 2025 Ethereum yana wajen dala 1,700, dala tana wajen naira 1,600, abin hannunsa ya kai kusan naira miliyan 2.7. In ya duba naira zai ce bai yi asara ba, har da ɗan ƙari. In ya duba dala, fiye da rabi ya tafi. In kuwa ya auna da Bitcoin abin ya fi muni: ma'aunin ETH/BTC ya sauko daga kusan 0.08 zuwa kusan 0.02, wato kashi uku cikin huɗu na abin da zai samu da ya riƙe Bitcoin sun salwanta. Wannan fa Ethereum ne, babban cikinsu, ba irin waɗanda ake rabawa bayan an sha danna waya ba.

Don haka ma'aunin da ya fi amfani ga mai riƙe da wani altkoyin shi ne farashinsa da Bitcoin, kamar ETH/BTC ko SOL/BTC, a duba shi na watanni, ba na sa'o'i ba. Idan layin yana gangarawa wata bayan wata, kuɗin yana zubewa ne a hankali ko da farashinsa na dala bai canza ba. Akwai kuma wani ma'auni da shafin Blockchaincenter ke fitarwa, wanda ba ya cewa lokacin altkoyin ya zo sai kashi 75 na manyan kuɗaɗe 50 sun fi Bitcoin riba a kwanaki 90 da suka wuce. Amfaninsa shi ne yana hana mutum ruɗuwa da tashin kuɗi ɗaya ko biyu. Iyakarsa kuwa ita ce ta BTC.D kanta: dukkansu labarin abin da ya riga ya faru suke bayarwa. A Janairun 2018 da Mayun 2021, lokacin da rinjayen Bitcoin ya kai ƙasa sosai kowa kuma yana murna, faɗuwar ƙananan kuɗaɗen ce ta biyo baya cikin makonni kaɗan.

Saboda haka duk wanda ya turo maka hoton BTC.D a zauren WhatsApp ko Telegram yana cewa ka yi sauri ka saya, ka tambaye shi ina farashin Bitcoin ya dosa, ina kason USDT ya dosa, kuma yaya kuɗin da yake tallata maka yake in an auna shi da Bitcoin a watanni shida da suka wuce. In bai da amsar waɗannan, ka riƙe kuɗinka.