AMSOSHIN TAKARDUNKU: ALEWA NAWA YARON YA FITO DA ITA DAGA GIDA?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a wajen Funtuwa. Bayan gaisuwa, ga abin da yake cewa:

"An ba ɗana lissafi a makaranta. An ce wani yaro ya raba wa abokansa kashi 20 cikin 100 na alewarsa, saura 40 a hannunsa, nawa ya fito da ita daga gida? Ɗana ya ce kashi 20 cikin 100 na 40 shi ne 8, ya haɗa ya sami 48. Malaminsu ya soke, ya rubuta 50. Ni kuwa na lissafa, 48 ɗin na samu. Don Allah a raba mana gardama, a kuma nuna mini yadda zan fahimtar da yaron, don jarrabawa ta matso."

To Malam, mun gode da wannan takarda. Gaskiyar magana ita ce malamin makaranta ya fi ku gaskiya, amsar 50 ce. Amma kada ranka ya ɓaci. Kuskuren da kuka yi kai da ɗanka ba na rashin iya lissafi ba ne, kun dai ciri kason ne daga inda bai kamata ba.

INA KUSKUREN YAKE?

Ka tuna, lokacin da yaron nan ya tsaya zai yi rabo, alewa 40 ba ta bayyana ba tukuna. Abin da ke hannunsa ita ce alewar da ya fito da ita, cikakkiya. Daga cikinta ya ware kashi 20 cikin 100. Ita 40 ɗin saura ce, bayan an gama rabo. Ku kuwa sai kuka ɗauki kashi 20 na sauran. Ai kason ƙaramin tsibi ba zai kai kason babban tsibi ba.

Kafin ka koya wa yaron komai, bar shi ya gwada amsarsa da kansa. Ka ce masa: "To mun yarda 48 ce. Cire mini kashi 20 cikin 100 nata, mu ga ko 40 za ta rage." Kashi 10 cikin 100 na 48 bai kai alewa 5 ba, saboda haka kashi 20 alewa 9 ne da ɗan gutsure fiye da rabi. In an cire, abin da zai saura 38 ne da ɗan wani abu. Bai kai 40 ba. Yanzu ya gwada da 50. Kashi 10 cikin 100 na 50 shi ne 5, kashi 20 ya zama 10, a cire 10 daga 50 saura 40 cif. Yaron da ya ga haka da idonsa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai kuma a ɗakin jarrabawa babu mai faɗa masa 50 balle ya gwada. Dole ya san hanyar da zai bi ya kai gare ta.

GURABE GOMA A ƘASA

Ka samu wuri a tsakar gida, ka tona gurbi goma kamar na dara, a jere. Ka tanadi alewa, in babu tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa sun isa. Ka gaya wa yaron cewa waɗannan gurabe goma su ne dukan alewar da aka fito da ita daga gida, kuma kowane gurbi daidai yake da ɗan'uwansa. Tunda duka kashi 100 ne, gurabe kuma goma ne, kowane gurbi yana ɗauke da kashi 10.

Sai ka tambaye shi: "Abokai sun karɓi kashi 20, gurbi nawa ke nan?" Zai ce biyu. Ka sa ya rufe biyun nan da ganye, sun tafi. "Saura gurbi nawa?" Takwas.

Nan ne gaɓar da ta fi ko'ina muhimmanci. Ka miƙa masa alewa 40, ka ce: "Wannan ita ce sauran. A waɗanne gurabe take zaune?" Kada ka yi saurin ba shi amsa. Yara da yawa za su so su rarraba ta a gurabe goman duka, wanda shi ne ainihin kuskuren da ya haifi 48. In ya yi haka, ka tuna masa cewa gurabe biyun da aka rufe ba na mai alewa ba ne kuma, sun zama na abokai. Alewa 40 a gurabe takwas take.

Ya yi ta jefawa ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare. Zai ga kowane gurbi ya sami 5. To tunda gurabe daidai suke, biyun da aka rufe su ma 5 kowannensu ya ɗauka. Gurbi goma, kowanne 5, ya zama 50. Abokai sun ci 10, shi ya riƙe 40. Ka ji yadda malamin ya sami tasa amsar.

IN ƘARI AKA YI FA?

Bayan ya gane wannan, sai ka juya masa tambayar. A ce yarinya tana da alewa, gwaggonta ta ƙara mata kashi 25 cikin 100 na abin da take da shi, yanzu ta zama 60. Nawa take da ita da farko?

Mai gaggawa zai ce kashi 25 na 60 shi ne 15, ya cire, ya ce 45. Kuskuren ɗazu ne ya sake riga. A gwada: rubu'in 45 shi ne 11 da kwata, in an haɗa bai ma kai 57 ba, balle 60.

A nan gurbi huɗu za a tona, domin kashi 25 rubu'i ne, sau huɗu ya cika 100. Waɗannan huɗun su ne alewarta ta asali. Gwaggo ta kawo ƙarin gurbi ɗaya, sun zama biyar. Alewa 60 a gurabe biyar take zaune, kowanne ya sami 12. Sai a ɗauke na gwaggo, a ƙirga huɗun asali: 12 sau 4, ya zama 48. A gwada: rubu'in 48 shi ne 12, a haɗa, 60 ta fito.

Ka lura, ko ragi aka yi ko ƙari, tambaya ɗaya ce yaron zai riƙa yi wa kansa: wannan adadin da aka ba ni, gurbi nawa ya cika? In an rage, guraben sun gaza na asali. In an ƙara, sun fi na asali.

DAGA ƘASA ZUWA TAKARDA

Gurabe na koyo ne, ba za su yi wa kowace tambaya ba. In aka ce kashi 15, sai an tona gurbi ashirin, kowanne kashi 5. In aka ce kashi 17 kuwa, sai gurbi ɗari, wanda ba mai tona shi. Saboda haka da zarar yaro ya gane da hannu, sai a mayar da shi kan takarda. Matakai uku ne.

Na farko, ya rubuta cewa asali kashi 100 ne. Na biyu, ya nemo kashin da adadin da aka ba shi yake wakilta: in ragi ne ya cire daga 100, in ƙari ne ya haɗa da 100. Na uku, ya ninka adadin sau 100, sannan ya raba da wancan kashin.

Mu gwada da kashi 15. Yaro ya raba wa abokai kashi 15 cikin 100, saura 34. A cire 15 daga 100, saura 85. Wato alewa 34 ita ce kashi 85. A ninka 34 sau 100, a sami 3,400. A raba da 85, a sami 40. Gwaji: kashi 10 na 40 shi ne 4, kashi 5 kuma 2, jimla 6. A cire 6 daga 40, saura 34. Ta yi daidai.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka gargaɗe shi a kai. Wani lokaci adadin da za a bayar ba sauran ba ne, abin da abokai suka karɓa ne. A ce ya ba da kashi 30, kuma abin da ya bayar alewa 12 ce. To 12 ɗin ta gurabe ukun da suka tafi ce, ba ta bakwai ɗin da suka rage ba. Kowane gurbi 4, goma kuma 40. Don haka ya riƙa karanta tambaya sau biyu kafin ya taɓa biro.

MALAM, KAI MA ABIN YA SHAFE KA

Tunda ka ce kai ma 48 ka samu, to a duba littafin ciniki. A ce yaronka na shago ya gaya maka ya sayar da buhu a kan naira 24,000, kuma ya ɗora ribar kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin saye. In ka cire kashi 20 na 24,000, wato 4,800, za ka ce uwar kuɗi 19,200 ce. A'a. Guraben asali goma ne, riba ta ƙara biyu, sun zama goma sha biyu. A raba 24,000 gida 12, kowanne 2,000. Uwar kuɗi 20,000 ce, riba 4,000. Wanda ya ɗauki 4,800 a matsayin riba ya kashe, ya ci naira 800 daga jarinsa a kan kowane buhu, bai sani ba. In buhu hamsin ne, naira 40,000 ke nan ta zube.

Haka kuma in farashi ya faɗi da kashi 20, daga 50 zuwa 40, hawan kashi 20 ba zai mayar da shi inda yake ba, a 48 zai tsaya. Sai ya hau da kashi 25, domin 10 ɗin da ta ɓace rubu'in 40 ce.

Ga na gwaji ku yi tare da yaron a daren yau. Yarinya ta raba wa ƙawayenta kashi 40 cikin 100 na alewarta, saura 18. Nawa ta fito da ita? Ku tona guraben, ku rufe na ƙawaye, ku rarraba. In kun sami abin da ya haura 25 da kaɗan, to tsohon kuskuren ne ya dawo, a sake. Kada kuma a tashi sai an gwada amsar ta mayar da ku kan 18.

Da fatan an raba gardama. A gaida yaron, a kuma gaida malaminsa. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.