Yadda ake kwatanta wa likita ciwon ciki

Kalmar "ciwo" a Hausa tana ɗaukar cuta, tana kuma ɗaukar raɗaɗi, sannan kalmar "ciki" ta haɗe duk abin da ke tsakanin ƙirji da mara. Saboda haka idan majiyyaci ya zauna gaban likita ya ce "cikina ke ciwo", bai ware kome ba tukuna, domin a wannan wuri akwai tumbi da hanji da hanta da madaciya da ƙoda da mafitsara, a mace kuma har da mahaifa. Wani ma sunan cuta yake zuwa da shi, ya ce olsa ce ko taifot, alhali abin da likita ke bukata daga bakinsa shi ne yadda abin yake a jikinsa. Tambayoyi huɗu ne ke rage yawan cututtukan da ake zato: ina ne, wane iri ne, yaushe, da kuma me ke tayar da shi ko ya lafar da shi.

Wurin ciwo an fi gane shi da hannu fiye da baki. Wanda ya iya ɗora ɗan yatsa guda ya ce "nan ne" ya ba da bayani dabam da wanda ya shafa tafin hannu a kan cikin gaba ɗaya. Dalilin yana cikin ginin jiki. Jijiyoyin da ke kawo saƙo daga hanji da tumbi ba su iya nuna takamaiman wuri, sai mutum ya ji abin a tsakiya, ko a ƙahon zuci, ko a cibiya, ko a mara. Amma tantanin da ya shimfiɗu a bangon ciki daga ciki yana da jijiyoyi masu kaifin ji irin na fata. Idan kumburi ya kai gare shi, ciwon sai ya tsaya wuri guda. Shi ya sa likita ke son jin wuri biyu: inda ya fara da inda yake yanzu. Akwai kuma inda yake harbawa. Ciwon tsakuwar ƙoda yakan taso daga kwiɓi ya gangara matsematsi, a namiji har maraina. Na madaciya yakan zauna ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya harba zuwa allon kafaɗa.

Wajen faɗin irin ciwon, Hausa ba ta da talauci, sai dai mutane kan bar kalmomin a gida. Murɗa dabam, ƙuna dabam, suka dabam, zogi da nauyi su ma dabam. Murɗar da ke zuwa ta lafa ta sake dawowa tana nuna wata kafa mai kama da bututu, hanji ko hanyar fitsari, tana matsawa don ta tura abin da ya tare ta. Ƙuna a ƙahon zuci ta fi kusa da tumbi da ƙwannafi. Nauyi ko danna, kamar an aza dutse, musamman idan ya zo da gumi da haki ya kuma harba hannun hagu ko muƙamuƙi, yana iya zama ciwon zuciya ko da a saman ciki aka ji shi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada, domin dattijo ko mai ciwon suga yana iya kwana yana shan maganin olsa alhali zuciyarsa ce ke neman agaji. Likita kan nemi a auna tsananin daga 0 zuwa 10. A nan dauriya ba ta da amfani, ƙarin gishiri ma haka. Kwatance mafi kyau shi ne abin da ciwon ya hana, ko barci, ko tafiya, ko ruku'u.

"Ya kwana biyu" amsa ce da ke iya nufin jiya, tana iya nufin bara. Wanda ba ya duba agogo yana iya ɗaure lokaci da salloli ko da abinci: ya fara bayan isha'i, ya tsananta kafin asuba. Ana kuma son sanin ko farat ɗaya ya zo ko a hankali, da abin da ya riga wani. Mutumin da ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓi, sannan ciwon ciki mai tsanani ya afka masa lokaci guda, cikin ya yi tauri, ana jin tsoron taifot ta huda hanji, kuma wannan aikin tiyata ne na gaggawa. Macen da al'adarta ta makara, ta ji suka a gefe guda na mara, da jiri ko ɗigon jini, ana zaton ciki a wajen mahaifa. Kunya kan sa a ɓoye ranar al'ada ta ƙarshe, alhali sau da yawa ita ce mabuɗin lamarin.

Abin da ke tayar da ciwo ko ya kwantar da shi yakan raba cututtuka masu kama da juna. Gyambon da ke farkon ƙaramin hanji yakan tashi da yunwa ko tsakar dare, ya lafa idan an ci abinci. Masu azumi sun san shi. Ciwon madaciya yakan biyo bayan abinci mai maiƙo. Mai tsakuwar ƙoda ba ya iya zama, yana ta juyi yana neman yadda zai kwanta, shi kuwa wanda tantanin cikinsa ya kumbura lamo yake yi, don ko tari ƙara masa yake. Dole ne kuma a faɗi duk abin da aka sha, na kemis da jiƙo, domin magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak da kansu suna jawo gyambon ciki.

Misali guda zai nuna yadda waɗannan bayanai ke haɗuwa. A ɗauka saurayi ne ɗan shekara 19 aka kawo asibiti da azahar. Da ya tsaya a "cikina ke ciwo, na yi amai", da wataƙila an yi zaton gurɓataccen abinci ya ci. Sai ya ce ciwon ya fara jiya bayan magariba a kewayen cibiya, wata murɗa ce da ba ta da takamaiman wuri. Tuwon dare bai ciyu ba. Ya yi amai sau biyu, amma bayan ciwon ya riga ya kama shi, kuma babu gudawa. Da gari ya waye ciwon ya koma ƙasan ciki ta dama, ya zama suka wadda ba ta lafawa, yana iya nuna wurin da yatsa. A hanya duk ramin da babur ya faɗa sai ya ji har ransa.

Kowane yanki na wannan labari yana da aiki. Ƙaurar ciwon daga cibiya zuwa dama, wadda yawanci takan faru cikin awa 12 zuwa 24, ita ce alamar kumburin ya tashi daga hanji ya taɓa tantanin bango. Zuwan ciwo kafin amai, da rashin gudawa, suna rage zaton gurɓataccen abinci, inda amai ko gudawa kan zo da wuri. Jijjigar babur ta nuna tantanin ya hasala. Tun kafin likita ya taɓa shi, zatonsa ya karkata ga kumburin afendiks, sai ya danna wurin da likitan tiyata ɗan Amurka Charles McBurney ya bayyana a 1889, kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin tsinin ƙashin ƙugu na dama da cibiya.

Bayani yana rage zato ne kawai, ba ya maye gurbin duba jiki da gwajin jini da hoto. Ba kowane mai afendiks ne ciwonsa ke bin wannan hanya ba. A ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu alamomin kan rikiɗe. Akwai kuma sauƙin da ke yaudara: idan ciwo mai tsanani ya lafa farat ɗaya, mai yiwuwa afendiks ɗin ne ya fashe, bayan 'yan awoyi kuma ciwon ya mamaye cikin duka. Ciki mai tauri kamar katako, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, suma, ko ciwon da ke ƙaruwa awa bayan awa, ba a jira musu wayewar gari.