Dalilin da ya sa na waje ke buɗe shafin ofis amma na cikin ofis ya kasa

Akwai wata matsala da takan rikita masu kula da kwamfutoci a makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanoni. Za a kafa kwamfutar da ke ɗauke da shafin ma'aikata ko hotunan kyamarorin tsaro, wadda ake kira uwar garke, a buɗe mata hanya ta intanet, kuma duk wanda ke waje ya shiga ba tare da wahala ba. Amma ma'aikacin da ke zaune a ɗaki guda da ita, da zarar ya rubuta wannan adireshi, sai shafin ya ƙi buɗewa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa, ko a sayi sabuwar na'ura, alhali babu abin da ya lalace. Matsalar tana cikin yadda rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, take sauya adireshin saƙonni.

Adireshi biyu ga gida ɗaya

Tsarin adireshin intanet na IPv4 yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kawai, adadin da bai kai yawan na'urorin duniya ba. Saboda haka aka ware wasu lambobi a shekarar 1994 domin amfanin cikin gida kaɗai, daga cikinsu har da waɗanda ke farawa da 192.168 da kuma 10. Kowane ofis na iya amfani da su, amma ba sa aiki a kan intanet. Abin da duniya ke gani shi ne adireshi guda na waje, wanda kamfanin sadarwa ya bai wa rauta.

Aikin sauya adireshin ciki zuwa na waje shi ake kira NAT. Idan kwamfutar ofis ta aika saƙo waje, rauta takan cire adireshin kwamfutar ta sa nata, ta rubuta wannan sauyi a cikin wani jadawali, domin idan amsa ta dawo ta san wanda za ta miƙa wa. Idan kuma ana son mutanen waje su iso ga uwar garke, sai a kafa wata ƙa'ida da ke bayyana a allon rauta da sunan Port Forwarding. Ƙa'idar tana cewa duk saƙon da ya zo adireshin waje ta ƙofa mai lamba kaza, a tura shi ga na'ura kaza ta ciki.

Misali daga wata makaranta

A ɗauka wata makarantar sakandare ta ajiye shafin sakamakon jarrabawa a kan uwar garke mai adireshin ciki 192.168.1.10. Rautar makarantar tana da 192.168.1.1 a ciki, da 203.0.113.10 a waje. An tura ƙofa ta 443, wadda shafukan intanet masu tsaro ke amfani da ita, zuwa ga uwar garken.

Wani uba a gidansa ya buɗe shafin daga wayarsa mai adireshi 198.51.100.7. Saƙonsa ya iso rauta ta ɓangaren waje, rauta ta sauya adireshin wanda aka aika wa daga 203.0.113.10 zuwa 192.168.1.10, ta miƙa. Uwar garke ta ga cewa mai saƙon baƙo ne, ba ya cikin rukunin 192.168.1, don haka ba ta da hanyar ba shi amsa sai ta hannun rauta. Rauta ta duba jadawalinta, ta mayar da adireshin mai amsa zuwa 203.0.113.10. Uban ya samu amsa daga adireshin da ya tambaya, shafi ya buɗe. Abin lura shi ne, tafiya da dawowa duk sun bi ta hannun rauta.

Yanzu kuma wata malama a ofishin makarantar, mai kwamfuta 192.168.1.25, ta rubuta adireshin da uban ya rubuta. Kwamfutarta ta ga cewa 203.0.113.10 ba na cikin gida ba ne, ta miƙa saƙon ga rauta. Daga nan abu ɗaya cikin biyu ne ke faruwa.

Na farko, rautoci da yawa suna aiki da ƙa'idar tura saƙo ne a kan abin da ya shigo ta ɓangaren waje kawai. Saƙon malamar ta ciki ya zo, kuma adireshin da ke kansa na rautar ce kanta, saboda haka sai ta ɗauka da ita ake magana. A nan ne malamar za ta ga shafin shiga saitin rauta maimakon shafin jarrabawa, ko kuma a ƙi karɓarta nan take.

Na biyu ya fi rikitarwa. Rauta ta yi aiki da ƙa'idar, ta sauya adireshin wanda aka aika wa zuwa 192.168.1.10, amma ta bar adireshin mai aikawa yadda yake, wato 192.168.1.25. Uwar garke ta karɓi saƙon, ta ga cewa daga maƙwabciyarta ne, sai ta aika amsa kai tsaye ba tare da bi ta rauta ba. Amsar ta isa kwamfutar malamar ɗauke da adireshin 192.168.1.10. Ita kuwa kwamfutar 203.0.113.10 ta tambaya, daga gare shi take jiran amsa, don haka ta yi watsi da wannan da ta zo a matsayin saƙon da ba ta nema ba. Ta sake aikawa, aka sake maimaita haka, har wa'adin jira ya ƙare. Saƙo ya je, amsa ta dawo, amma ta dawo da sunan da ba a san shi ba.

Yadda za a gane ita ce

Gwaji uku sun isa, kuma waya guda na iya yin su. A kashe waya-fai a buɗe shafin da datar layi. Idan ya buɗe, hanyar waje lafiya take. A koma kan waya-fai na ofis a rubuta adireshin ciki, 192.168.1.10, idan uwar garke ta amsa, ko da burauza ta yi gargaɗi kan takardar shaidar tsaro, to ita ma lafiya take. Sannan a rubuta adireshin waje daga cikin ofis. Idan wannan kaɗai ya gaza, an gano inda matsalar take.

Bai kamata a haɗa wannan da wata matsala mai kama da ita ba. Kamfanonin sadarwa da dama, musamman na wayar salula, sukan haɗa abokan hulɗa masu yawa a kan adireshin waje guda. Alamar haka ita ce adireshin ɓangaren waje na rauta ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan intanet ke nunawa. A wannan hali na waje ma ba za su iya shiga ba, kuma maganin sai daga kamfanin sadarwa.

Maganin farko: a tilasta wa amsa bi ta rauta

Tunda tushen matsalar shi ne amsa ta kauce wa rauta, maganin shi ne a hana ta kaucewa. Wannan shi ne abin da ake kira NAT loopback. A nan rauta tana yin sauyi biyu maimakon ɗaya: tana sauya adireshin wanda aka aika wa zuwa 192.168.1.10, tana kuma sauya adireshin mai aikawa zuwa nata. Uwar garke za ta ga kamar rauta ce ke tambaya, sai ta mayar mata da amsa. Rauta ta warware sauye-sauyen biyu, malama ta samu amsa daga 203.0.113.10 kamar yadda take jira. Saƙon bai fita intanet ba, ya juya ne a cikin rautar, don haka ba ya cin datar ofis.

Sunan saitin ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. A OpenWrt ana kiransa NAT Loopback, a pfSense NAT Reflection, masu amfani da MikroTik kuma sun san shi da Hairpin NAT. Ƙa'idojin fasahar intanet da aka fitar a shekarun 2007 da 2008, wato RFC 4787 da RFC 5382, sun wajabta wa na'urorin NAT iya wannan juyi, amma ba kowace rauta ce ta cika sharaɗin ba. A rautar da ke aiki da Linux, layuka biyu ne ke yin sauye-sauyen, muddin katangar tsaro ta yarda saƙon ya wuce:

```
iptables -t nat -A PREROUTING -d 203.0.113.10 -p tcp --dport 443 -j DNAT --to-destination 192.168.1.10
iptables -t nat -A POSTROUTING -s 192.168.1.0/24 -d 192.168.1.10 -p tcp --dport 443 -j MASQUERADE
```

Layi na farko shi ne tura saƙo, kuma ba a taƙaita shi ga ɓangaren waje ba. Na biyu shi ne ke sauya adireshin mai aikawa idan daga ciki yake.

Wannan magani yana da tsadarsa. Uwar garke za ta riƙa ganin duk ma'aikata da adireshi guda, don haka kundin bayananta ba zai nuna kwamfutar da ta sauya makin ɗalibi ba. Idan kuma tana toshe adireshin da ya yawaita kuskuren kalmar sirri, kuskuren mutum ɗaya zai iya rufe wa ofis gaba ɗaya ƙofa. Haka nan duk bayanan da da za su wuce kai tsaye tsakanin kwamfutoci biyu, yanzu sai sun shiga rauta sun fito, abin da kan yi wa ƙaramar rauta nauyi idan hotunan kyamarori ne masu yawa.

Magani na biyu: suna ɗaya, amsa biyu

Inda shafin yake da suna, akwai hanyar da ta fi sauƙin nauyi. Tsarin DNS shi ne ke fassara suna zuwa adireshi, kuma ana iya saita na cikin ofis ya ba da 192.168.1.10, yayin da na duniya ke ci gaba da ba da 203.0.113.10. Kwamfutar malama za ta tafi wurin uwar garke kai tsaye, takardar shaidar tsaro za ta yi aiki domin sunan bai sauya ba, kuma kundin bayanai zai nuna ainihin adireshin kowa. Umarnin `nslookup` tare da sunan shafin zai nuna adireshin da kwamfuta ke samu.

Ita ma wannan hanya tana da iyaka. Wayar da aka kunna wa Private DNS da sunan wani mai hidima na waje ba ta tambayar na ofis, don haka adireshin waje za ta samu. Idan kuma lambar ƙofar waje ta bambanta da ta ciki, misali 8443 a waje da 443 a ciki, sauya adireshi kaɗai ba zai wadatar ba, domin fassarar suna zuwa adireshi ba ta taɓa lambar ƙofa. Saboda haka ne masu kula da hanyoyin sadarwa da dama ke haɗa biyun: su daidaita lambar ƙofa ciki da waje, su saita DNS na ciki domin kwamfutocin ofis, su kuma bar NAT loopback a kunne domin wayoyin da suka kauce masa.